Goyo 111 a hoto, buhu 54 da ban samu ba

Har yanzu hotunan suna cikin wayata, kuma duk sanda na buɗe su sai raina ya ɓaci. Farar igiya, turaku huɗu, masara tsaye shar da ita a gonata ta wajen Saminaka. Hekta biyu ce. Da waɗannan hotunan na karɓi kuɗi hannun wani mai sayen hatsi, a kan zan ba shi buhu 100 da kaka.

Awon fili bai ba ni wahala ba. Mita 5 tsawo, mita 5 faɗi, wato murabba'in mita 25, kuma hekta ɗaya tana ɗaukar irin wannan fili sau 400. Na kafa irin wannan fili guda uku, nesa da bakin hanya, na bi kunya-kunya ina ɗaukar hoto daga gefe, don hoton da aka ɗauka daga sama ganye kawai yake nunawa. Da dare na zauna na ƙirga goyo: 118, 104, 111. Matsakaicinsu 111. Sau 400, goyo 44,400 ke nan a hekta. Wannan ƙidayar daidai take, ko yau na maimaita haka za ta fito.

Inda na ci kaina shi ne nauyin goyo. Na karyo guda biyar na murje, sikeli ya nuna giram 750, kowanne 150. Na buga lissafi, kilo 6,660, buhu 66 mai kilo 100 a hekta, 132 a gonar duka. Na ce ko na ba da 100 akwai na ci a gida.

Waɗanne biyar na karyo? Waɗanda suka cika min ido. Ban yi niyyar yaudarar kowa ba, hannu ne kawai yake zuwa wa babba. Kuma ɗanyu ne, ƙwayar tana lotsawa in an danna farce.

Kawuna ya shigo gonar mako biyu bayan haka. Bai kalli waya ba. Ya ɓare goyo uku a jere, ya miƙo min, ya ce, “Kai yaro, ɓawo ka ƙirga ko ƙwaya?” Biyu daga ciki, daga tsakiya zuwa tsini totuwa ce zalla. Sai na tuna ruwa ya ɗauke mana kwana goma sha lokacin da masara take fitar da gemu. In fari ya same ta a wannan gaɓar, ƙurar furen ba ta haɗuwa da gemun yadda ya kamata, kuma tsinin goyo ne yake fara rasa ƙwaya. Amma ɓawon yana nan da tsawonsa, a hoto ba ka bambance shi da cikakke.

Turakun ban cire su ba, don haka da ta bushe na karye filin nan mai 111 gaba ɗaya, ban bar ko ɗaya ba. Guda 23 ƙanana ne, goyo na biyu a jikin kara, wasu ko tafin hannu ba su cika ba, amma a hoto kowanne na ba shi matsayin goyo guda. Na murje, na shanya har ƙwaya tana ƙaras a haƙori, na auna: kilo 10. Giram 90 ke nan kowane goyo, ba 150 ba. Ƙwayar biyar ɗin farko da na ajiye ta koma giram 630, wato 126 kowanne. Bushewa ta ɗauke 24, zaɓen da hannuna ya yi ya ƙara min 36 na bogi. Kilo 10 sau 400, buhu 40 a hekta. Da aka yi sussuka na tashi da buhu 78.

Buhu 22 na ciko sai da na sayar da bijimi na saya a kasuwa, gida kuma ba ko tiya.

Akwai wani ƙaramin abu da na gano daga baya. In tazarar kunya santimita 75 ce, mita 5 tana iya cin kunya 6 ko 7, ya danganta da inda ka ɗaura igiya. Kunya 7 tana ƙara lissafi kaɗan, 6 tana rage shi da kashi goma cikin ɗari. Yanzu kunya 6 nake ƙirgawa, faɗin mita 4 da rabi, in yi lissafi da murabba'in mita 22 da rabi.

Bana ma na ɗauki hoto, don yana zama shaida tsakanina da mai saye. Sai dai kafin in danna waya, ina karya duk goyo na biyar da na iske a layi, babba ko ƙarami, in ɓare, in jera su a kan buhu kusa da igiyar, tsininsu a buɗe. Nauyi kuwa ba na rubuta shi sai bayan shanya. Mai sayen hatsin ya sake yi min tayi, na ce masa, “Ranka ya daɗe, a bari ƙwayar ta bushe tukuna.”