Laraba: Gabatar da sabuwar ma'aikaciya a shafin kamfani

Aikin da ya cinye mini yinin yau shi ne rubuta bayanin da zai raka hoton sabuwar injiniyar da kamfaninmu ya ɗauka a sashen gyara da kula da na'urorin lantarki mai aiki da hasken rana. Daftarin da sashen kula da ma'aikata ya aiko mini da safe cewa ya yi muna farin cikin maraba da haziƙar ma'aikaciya mai ƙwazo da jajircewa, wadda za ta ciyar da kamfani gaba. Babu ƙarya a ciki, amma da na cire sunan kamfaninmu na sa na wani kamfanin da muke gogayya da shi, sai jimlar ta zauna daram, kuma duk bayanin da kowa zai iya ɗauka ya liƙa a shafinsa bai gina sunan kowa ba.

Saboda haka na nemi zama da ita kafin azahar, na yi mata tambayoyin da suka shafi aikin da hannunta ke yi. Na tambaye ta abin da take fara dubawa idan abokin ciniki ya kira yana kukan cewa batirinsa ba ya kai wa asuba. Ta ce kafin ta ɗora wa batir laifi tana lissafa yawan kayan da aka jona masa da dare, sannan ta duba ko ƙura ko inuwa ta rage abin da faifan sola ke tarawa da rana, domin sau da yawa batirin lafiyarsa lau, kaya ne suka yi masa yawa. Wannan amsar ita ce bayanin gaba ɗaya, domin ta nuna gwaninta ba tare da an kira ta gwana ba, ta kuma faɗi abin da kamfaninmu ke so a san shi da shi, wato ba ma sayar wa mutum sabon abu sai mun tabbatar tsohon ya mutu.

Sai batun tsari. Instagram na karɓar bayani har haruffa 2,200, amma abin da mai karatu ke gani kafin ya taɓa "more" bai wuce kimanin haruffa 125 ba, don haka gaisuwar maraba ba ta cancanci wannan gurbin ba. Layin farko da na tsayar shi ne: "Kafin ta ce ka sayi sabon batir, sai ta lissafa abin da kake kunnawa da dare." Sunanta da muƙaminta suka zo a layi na biyu, sai jimla biyu kan irin ƙorafin da za ta riƙa karɓa, sannan hanyar tuntuɓar sashen, wadda lambar ofis ce. Jerin takardun shaidarta na bar wa LinkedIn, inda ake da sarari har haruffa 3,000 kuma masu karatun sun damu da irin wannan.

Shugaban sashen tallace-tallace ya so a ƙara cewa daga yanzu za a warware kowace matsala a rana guda. Na ce masa: "Ranka ya daɗe, wannan alkawari ne da za mu rataya a wuyan wadda ba ta gama sanin ofis ba, kuma ranar da aka saɓa shi, ƙarƙashin hotonta za a zo a yi zagi." Ya amince aka cire.

Hoton ma sai da aka sake shi, domin a na farko katin shaidarta na aiki yana karantuwa sarai, kuma allon kwamfutar da ke bayanta yana nuna sunayen abokan ciniki. Da yamma na tura mata hoton da bayanin a rubuce, na nemi amincewarta a rubuce, tare da tambaya biyu: ko tana so a alaƙanta saƙon da shafinta na kanta, da kuma abin da take so a yi da shi idan wata rana ta bar aiki. Ta ce kada a alaƙanta, a kuma sauke shi idan ta tafi, na rubuta hakan a fayil.

Gobe da safe za a wallafa. Yawan masu danna alamar so ba zai gaya mini komai ba, tunda 'yan'uwa da abokan aiki kan cika irin wannan saƙo da fatan alheri. Abin da zan ƙirga shi ne mutum nawa suka yi tambaya kan batirinsu a ƙasan hoton, da kira nawa sashen ya samu aka nemi a haɗa mai kiran da ita.