Neman aiki daga Katsina a kamfanin da agogonsa ke Toronto: abin da na rubuta game da lokaci, intanet da amsa saƙo

Tallar aikin ta ce daga gida za a yi shi, a kowace ƙasa, amma da sharaɗi ɗaya: dole mutum ya kasance a kan layi awa huɗu kullum cikin lokacin ofis na gabashin Arewacin Amurka, wato agogon Toronto da New York. A takarduna na farko zuwa wasu kamfanoni, abin da nake rubutawa shi ne kowane lokaci ya yi mini, kuma intanet ɗina mai ƙarfi ne. Ko amsa ban samu ba. Mai tantance takardu ya ga wannan jimlar sau ɗari, kuma ba ta gaya masa komai. So yake ya san ƙarfe nawa zai same ka, da abin da zai faru ranar da sabis ya ɗauke.

Na fara da lissafin agogo. Najeriya tana kan UTC+1 duk shekara, wato awa ɗaya gaba da agogon duniya da ake kira UTC, ba ma matsar da agogo. Su kuwa suna matsarwa. Daga Lahadi ta biyu a Maris zuwa Lahadin farko ta Nuwamba suna kan UTC-4, saboda haka mun riga su da awa 5. Sauran watannin suna komawa UTC-5, tazarar ta zama awa 6. Ke nan ƙarfe 9 na safensu shi ne 2 na rana a Katsina daga Maris zuwa farkon Nuwamba, amma da sanyi ya koma 3 na yamma. Awa huɗun da suke nema, 9 zuwa 1 a wajensu, ta zama 2 zuwa 6 a nan, da hunturu kuma 3 zuwa 7.

A nan na taɓa yin tuntuɓe. An sa mini ganawa ranar Talata 11 ga Maris 2025, ƙarfe 10 na safe agogonsu. Na ƙara awa 6 kamar yadda na saba, na shirya wa ƙarfe 4, alhali sun sauya agogo tun Lahadi 9 ga wata, ganawar ƙarfe 3 ce. Na shiga ɗakin ganawar a intanet babu kowa. Tun daga ranar na daina lissafi da ka. Ina karɓar gayyatar a Google Calendar, in tabbatar an saita shi a kan Africa/Lagos, in kuma kunna agogo na biyu a gefe. Kada ma ka dogara da haruffan da suka rubuta, don da yawansu kan rubuta EST, wato agogonsu na hunturu, ko da suna kan EDT na sauran watannin, bisa sabo. Idan akwai shakka, sai in mayar da saƙo da lokacin a UTC in nemi a tabbatar. Idan a ƙungiyar akwai mutanen Turai, akwai wani tarkon: su sai Lahadin ƙarshe ta Maris suke sauya nasu, su koma a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, don haka akwai 'yan makonni da taron mako yake zamewa da awa guda ga wani ɓangare.

Bayan agogo sai salla, wadda masu nema da yawa ke ɓoyewa har sai an ɗauke su. La'asar tana faɗowa cikin wannan awa huɗu duk shekara. Magariba a Katsina tana yawo tsakanin wajen ƙarfe 6 a ƙarshen Nuwamba zuwa wajen 7 a Yuli, saboda haka da hunturu tana shiga lokacin aiki, da damina kuwa an tashi kafin a kira ta. Juma'a ce babba: masallacin unguwarmu ƙarfe 2 ake tayarwa, daidai lokacin da suke buɗe ofis a watannin da tazarar take awa 5. Ban yi dogon bayani ba. Na rubuta da Turanci abin da ma'anarsa ita ce: Litinin zuwa Alhamis za a same ni daga 9 zuwa 1 agogon Toronto, kuma ni zan riƙa bin sauyin agogonku, akwai hutun minti 15 sau ɗaya ko biyu wanda zan sa a kalanda tun farkon mako, ranar Juma'a zan fara 10 in tashi 2. Ba wanda ya tambaye ni dalili. Gibin da aka sani tun wuri ana tsara taro a kewaye shi, wanda ya zo ba zato shi ne yake ɓata rai.

Abin da na ƙi yi shi ne alkawarin cikakken wuninsu. Ƙarfe 5 na yammansu 11 na dare ne a nan da hunturu. Mutum zai jure mako biyu, amma ga asuba tana jiransa, a wata na biyu kuskure zai fara yawa a aikin.

Maganar intanet ita ta fi cin lokaci, don sai da na yi mako biyu ina aunawa kafin in rubuta jimla ɗaya. Layuka biyu nake da su na kamfanoni daban-daban, ɗaya a cikin na'urar waifai, ɗaya a waya. Kullum nakan gwada su a Speedtest ƙarfe 2, da 5, da 8 na dare, daga teburin da zan yi aikin, in rubuta a littafi. Abu biyu na gano. Na farko, lambar da kowa ke alfahari da ita, ta saurin saukewa, ba ita ce ke riƙe kiran bidiyo ba. Fuskarka da muryarka ta hanyar ɗorawa suke fita. Layina na farko kan ba da megabit 18 na saukewa da 7 na ɗorawa da rana, amma bayan isha'i, lokacin da gari duka ya hau waya, ɗorawar takan faɗo ƙasa da 1. Kiran bidiyo mai kyau yana son kamar megabit 2 zuwa 3 da ba sa rawa. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa in riƙe safiyarsu in bar yammacinsu.

Na biyu, Speedtest yakan zaɓi saba mafi kusa da kai, wato kwamfutar da yake gwada layinka da ita, sai ya nuna maka jinkiri ɗan kaɗan. Da na sauya zuwa ta Toronto, jinkirin ya tashi zuwa wajen milisakan 220, kuma da wannan za a yi magana da kai. Ana iya zama da shi, sai dai ka koyi ɗan dakatawa kafin ka amsa don kada ku riƙa cin karo da baki. Abin da ke tsinka murya shi ne ɓacewar ƙunshin bayanai a hanya, kuma ana ganinsa da wannan umarni a Windows:

```
ping -n 100 8.8.8.8
```

A ƙarshe duba inda aka rubuta Lost. Sifili ko 1 cikin 100 lafiya lau. Idan ya kai 3 zuwa 5, za ka ji muryar mutane tana yankewa ko da Speedtest na nuna lamba mai daɗi. Nawa ya ragu sosai da na ɗauke na'urar waifai daga bayan kwamfuta na kai ta bakin taga, na haɗa ta da kwamfutar da kebul maimakon iska. A Afrilu kuma zafi kan sa ta ta sake kunna kanta, sai na ɗaga ta daga inda rana ke bugawa.

Wuta kuwa lissafi ce kawai. Kwamfutata tana jan kamar wat 45, na'urar waifai 10, ƙaramar fanka 25, jimla 80. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200 a takarda, amma irin na ruwa ba a sauke shi ƙasa da rabi in ana son ya daɗe, sai ya rage 600. Inbata ta ci nata kason, kamar 15 cikin 100, ya saura 510. Raba da 80, awa 6 da 'yan mintuna ke nan. Awa 6 na rubuta, ban ƙara ba. Na kuma gwada da gaske: na cire wutar gari ana tsakiyar kira da ƙanena, don in ga ko na'urar waifai za ta mutu a lokacin da inbata ke karɓa. Ta mutu kuwa, kuma minti biyu take yi kafin ta dawo. Ƙaramin batir na musamman da ke shiga tsakaninta da soket ya magance wannan.

Layi biyu ba ya nufin ba za a rasa sabis ba. Kamfanoni kan raba turken sadarwa ɗaya, in wutarsa ta ɗauke duka su tafi tare. Ranar 14 ga Maris 2024 ma, da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama a lokaci guda. Don haka na sa mataki na uku a takardar: wani wurin aiki a cikin gari mai intanet na tauraron ɗan'adam, tafiyar minti 20 a Keke. Na rubuta cewa idan layi ya faɗi ina komawa na biyu cikin minti 2, idan duka suka faɗi zan sanar cikin minti 10 ta kowace hanyar da ta rage, in koma kan aiki cikin minti 40. A ganawar, wannan sakin layin matar da ke tantancewa ta fi tsayawa a kai. Ba ta tambayi megabit ba, ta tambayi yaushe na yi amfani da mataki na uku a ƙarshe.

Salon magana shi ne inda tarbiyyarmu take iya jawo asara ba da niyya ba. Mun saba a gaisa, a tambayi gida da aiki, a jira amsa, sannan a kawo buƙata. A Slack, manhajar saƙonnin ma'aikata, idan ka aika gaisuwa kaɗai ƙarfe 10 na safenka, mutumin yana barci, 5 ko 4 na asuba ne a wajensa. Zai tashi ya amsa gaisuwar, kai kuma kana masallaci, wuni ya tafi ba a yi komai ba. Yanzu gaisuwar da buƙatar a saƙo ɗaya nake haɗa su: abin da nake yi, inda na maƙale, abin da na riga na gwada, shawarar da nake nema, da abin da zan ci gaba da yi idan ban ji amsa ba zuwa ƙarfe kaza UTC. Haka "anjima" da "in sha Allahu gobe": ina faɗar in sha Allahu a bakina, amma a rubuce sai na sa rana da awa. Kunyar cewa ban gane ba ita ma na ajiye ta, don "to" ɗin da muke yi na ladabi su a wajensu amincewa ce da wa'adi.

A takardar ban ce na iya sadarwa ba. Na ce ina amsa saƙo cikin minti 30 a lokacin da muke tare a layi, wanda ya zo bayan na tashi kuma zai samu amsa kafin su buɗe ofis, sannan kullum kafin in rufe kwamfuta ina barin layi uku: abin da na gama, abin da ya rage, abin da ke jiran wani. Na kuma nuna musu ribar tazarar, wato safiyata duka tana gabansu, abin da suka bari da dare za su tarar an taɓa shi.

Hutun salla ne abu na ƙarshe da na ambata, bayan an yi mini tayin aikin amma kafin in sa hannu. Na bayyana cewa sai an ga wata ake tabbatar da ranar Ƙaramar Salla, don haka zan toshe kwana biyu a kalanda tun wata guda kafin lokacin, in saki wadda ba ta zama ba a daren da aka yi sanarwa. Ita Babbar Salla ana sanin ranarta kwana tara ko goma kafin ta zo, tata ba ta buƙatar wannan dabarar.