Umarnin bidiyo: inda bayani ke amfani da inda yake ɓata aiki

Darasi mafi tsada a wannan aikin na haɗa bidiyo da AI ya fito ne daga tallar mai shayi, yanki ɗaya tak na daƙiƙa 5. An rubuta wa Wan 2.1, manhajar da ke mayar da rubutu bidiyo, umarni mai tsawo: mai shayi ya hura wuta, ya ɗauko buta, ya tsiyaya shayi daga kofi zuwa kofi, ya yanka burodi, ya miƙa wa wani dattijo, sannan ya dubi kyamara ya yi murmushi. Aka yi kwana biyu ana ta maimaitawa. Kullum hura wuta na fitowa, murmushi na fitowa, amma tsiyayar shayin, wadda ita mai talla ya biya kuɗi domin ta, ko dai ba ta fito ba ko kuma hannun ya narke cikin kofin. Shugaban sashe ya ce bayanin ne bai isa ba, a ƙara. Aka ƙara, abin ya daɗa lalacewa, laifin kuma ya faɗa kan wanda ya rubuta.

Lissafin a fili yake. Wan 2.1 na fitar da firam 81, wato hotuna 81 a jere, firam 16 a kowace daƙiƙa. In ka raba wa ayyuka shida, kowanne bai samu ko daƙiƙa ɗaya ba. Mutum da ransa ma ba zai yanka burodi a wannan lokacin ba. Manhajar ba ta cewa lokaci ya yi mata kaɗan, sai dai ta ɗauki motsin da ta fi sabawa da shi ta watsar da saura. Ga umarnin da ya yi aiki daga baya:

```
Medium close-up, static camera. A man in a white kaftan pours milky tea
in a long stream from one cup into another. Steam rises. Wooden table,
tins of milk, early morning light from the left.
```

Mutum ɗaya, aiki ɗaya, kyamara a tsaye. Sauran ayyukan kowanne aka ba shi nasa yankin, aka haɗa su wajen tacewa.

Ka lura wannan umarnin ma cike yake da bayani. Amma duk abin da ke cikinsa ido zai gan shi a hoto guda: launin kaftani, inda haske ke shigowa, nisan kyamara, kayan da ke kan tebur. Irin wannan bayanin ba ya cin lokaci, kuma duk gurbin da ka bari manhaja za ta cike shi da abin da ta fi gani, shi ya sa in ka ce mai shayi kawai sai ta kawo maka kantin gahawa irin na Turai. Manhajoji irin su CogVideoX da dogayen bayanai aka horar da su, don haka kalma biyar ba ta ishe su. Abin da ke ɓata aiki shi ne jeranta ayyuka, da tara mutane, da kalmomin da kyamara ba ta gani, kamar a ce mai shayin mutum ne mai riƙon amana. Da zarar mutane sun kai uku kowa da launin rigarsa, launukan kan fara musanya, jar hular wannan ta koma kan wancan.

Akwai kuma yankewa, wato datse ƙarshen umarni, wadda ita dabam ce da cunkoson ayyuka. Manhaja ba kalmomi take ƙirgawa ba, gutsattsarin kalmomi take ƙirgawa, waɗanda ake kira tokin. CLIP, sashen karanta umarni wanda manhajar bidiyo ta AnimateDiff ta gada daga manhajar hoto ta Stable Diffusion, yana tsayawa a tokin 77, CogVideoX kuwa a 226. Abin da ya haura haka ba a karanta shi sam. Kalmar Hausa takan farfashe zuwa tokin da yawa fiye da ta Turanci, don haka ta fi saurin cika ma'aunin. Gane bambancin ba wuya: in kullum jimlar ƙarshe ce ke ɓacewa, mayar da ita farko. In ta fito, wani abin kuma ya ɓace daga ƙarshen, yankewa ce. In kuwa abin da ke ɓacewa yana sauyawa daga gwaji zuwa gwaji, cunkoso ne, rage ayyuka.

Kada ka gwada komai ba tare da ka tsayar da `seed`, wato lambar da ke sa manhaja ta maimaita sakamako iri ɗaya, a lamba ɗaya ba, kuma jimla ɗaya za ka sauya a kowane gwaji. Abin da ba ka so, sa shi a gurbin `negative prompt` in akwai, domin rubuta kada a sa hula cikin umarni sau da yawa hular yake jawowa. In da hoto ka fara, motsin kawai za ka bayyana, ba sai ka sake siffanta abin da hoton ya riga ya nuna ba. Wanda duk ya ce maka a ƙara bayani, ka fara tambayarsa daƙiƙa nawa yankin yake.