Satin da palu ya ci ba bashi ba ne

Tela nake a Tawa, kuma abin da sana'ar nan ta koya min kan ciwo shi ne, satin da ka kwanta ya tafi kenan, ba a ɗora shi kan na gaba a ce za a rama da ɗinkin dare.

Ƙarshen Satumba palu ya kayar da ni, ga shiga lakkwal na Oktoba ta matso. Maganin na kwana 3 ne safe da yamma, zazzaɓi ya sauka amma ƙarfi bai dawowa tare da shi, ka zauna kan keke awa biyu sai jiri, ido ya kasa zura zare a allura. Shi ya sa farkon abin da na yi ba ɗinki ba ne, lissafi ne. In da lafiya ina fidda kaya 3 a wuni, sai na sa ma kaina rabi, 9 kenan a sati, alhali kaya 18 ke jira a shago.

Na zube su kan tabarma na tambayi kowanne, in ya makara me zai lalace? Kayan suna 2 da anko 5 na biki ranarsu ba ta gusawa, su na riƙe. 7 kenan, gurbin 2 da ya rage ban cika shi ba, na bar ma ɗaukewar wuta da ranar da jiki zai ƙi. Tenun 'yan lakkwal 6 na yanka da kaina tunda ni ke da awon, na kai ma wani tela maƙwabcina ya haɗa, muka raba kuɗin ɗinki. Shadda 5 da suka rage ba wani taro ke jiransu ba.

Masu shaddan nan su na fara kira, tun kafin su tako shago, don abin da ke ɓata ma mutum rai ba jinkirin ba ne, ya hau kabu-kabu ya zo ya tarar ba a ko yanka ba. Na ce, Alhaji palu ya kwantar da ni, kayanka sai Alhamis ta sati mai zuwa in sha Allah, in kana da uzuri kafin nan faɗa min in mayar maka da yadinka. Rana ɗaya tak na bada, ba "gobe jibi" ba. Mutum ɗaya ya karɓi nashi, sauran suka ce Allah ƙara sauƙi.

Jin nauyi kuwa yana da alama, shi ke sa tela ya rage kuɗin da ba wanda ya ce ya rage, ko ya amshi sabon aiki don kar a ce ya gaza. Ni dai ban ga laifi a cizon sauro ba. Sabon aiki duk wanda ya kawo, bayan sati biyu na rubuta masa a kaye, kuma ana kiran magariba nake rufe shago.