Talata, ranar da muka buɗe rajista

Na fita tun bayan sallar asuba da tsohuwar jakata a hammata, wadda na riƙa zuba takardun jarrabawar yara a ciki lokacin ina koyarwa. Uwargida ta ce, "Malam, yau ma taron ne? Allah Ya sa a dace." Na ce amin. Kuɗin adaidaita ma daga gwangwanin cinikin ƙanƙararta aka ciro mini.

A ƙarƙashin darbejiyar bayan ofishin reshenmu na ƙungiyar 'yan fansho muka zauna, mun fi mutum hamsin. Ban taɓa ganin tsofaffi sun zo da wuri haka ba, saboda jiya an yi ta raɗe-raɗin cewa gwamnatin jiharmu za ta saki wani kaso na giratuti. Kafin a buɗe taro da addu'a har an fara musu, wani na cewa tsofaffin bashi za a fara biya, wani na cewa masu ƙaramin kuɗi za a fara sallama.

Sakatarenmu tsohon akanta ne, kuma yau ya yi abin da ya kamata mu yi tun shekaru. Ya sayo babban littafi mai bango baƙi, ya ja layuka uku bayan sunan kowa. Ya ce duk wanda ya je gaban gwamnati yana cewa "ina bin ku bashi" kawai, ya ba su hanyar zillewa, don bashin kashi uku ne. Akwai giratuti, wato dunƙulallen kuɗin sallama. Akwai fanshon watannin da suka wuce tsakanin ranar ajiye aiki da ranar da aka sa mutum a jerin masu karɓa. Sannan akwai bambancin ƙarin da ya kamata a yi mana ba a yi ba.

Da aka zo kaina sai ya ce in karanto, shi yana rubutawa. Na cika shekara 35 a aiki a 2018, a tsohon tsari, inda mai shekara 35 ke samun giratuti ninki uku na albashinsa na shekara, fansho kuma kashi 80 cikin ɗari. Albashin da aka yi mini lissafi da shi naira 90,000 ne a wata, wato 1,080,000 a shekara. Giratuti ya kama 3,240,000, fansho 72,000 duk wata. Sai da na yi wata 14 a gida kafin fanshon farko ya shigo, kuma ba a waiwayi waɗannan watannin ba, wato 1,008,000. Ya haɗa ya rubuta 4,248,000, ya ja layi. Na daɗe ina kallon lambar. Lokacin da na ajiye aiki litar man fetur naira 145 ce, dala kuma wajen 360. Ko gobe aka biya ni, ba kuɗin da na bi ba ne, sunansa kawai ya rage. Filin da na yi niyyar saya a bayan gari tun tuni ya fi ƙarfina.

Layi na uku shi ne wanda yawancinmu ba su san da shi ba. Sakatare ya ciro kundin tsarin mulki na 1999, ya nuna mana sashe na 210, wanda ya shafi ma'aikatan jihohi. Ya ce a nan aka rubuta cewa za a riƙa sake duba fansho duk shekara biyar, ko kuma duk lokacin da aka sake duba albashin ma'aikata, wanda duk ya riga zuwa. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga 18,000 zuwa 30,000 a 2019, ya koma 70,000 a 2024. Nawa fanshon yana nan inda aka ajiye shi. Wani dattijo da ya yi masinja, ya bar aiki tun kafin ni da nisa, ya faɗi abin da yake karɓa, sai wurin ya yi tsit. Ba ya isa kuɗin maganin hawan jininsa na wata.

Rikicin yau a kan jerin biya ne. Kowa ya san yadda ake yi: a saki kuɗi kaɗan, a ce an biya rukuni na kaza, sai ka ji wanda ya ajiye aiki shekara biyu bayanka ya samu, kai shiru. Wani ya miƙe ya ce akwai mai hanya da zai ciro masa fayil idan ya yarda a cire kaso a ciki. Ban ga laifinsa sosai ba, 'yarsa ce za a yi wa aure. Amma shugaba ya ce, "Alhaji, duk fayil ɗin da aka ciro daga ƙasa, kan na wani aka ɗora shi." Abin da muka tsayar shi ne a biya bisa ranar ajiye aiki, wanda ya riga ya riga, a manna sunaye da ranaku a allo kafin kuɗi ya fita, mu kuma mu gwada da namu littafin. Idan sunan 2021 ya fito alhali na 2017 na zaune, nan take za a gani. Togiya ɗaya muka yarda da ita, ta magadan waɗanda suka rasu da masu jinya mai tsanani.

Kowa zai kawo kwafin takardar kama aiki, da ta ƙarin girma ta ƙarshe, da ta ajiye aiki, da takardar lissafin hakki mai sa hannun odita. Kwafi kawai, ba a ba kowa ta asali. Ni na ɗanɗana wannan: a wata tantancewa aka ce ranar haihuwata a fayil ta saɓa da ta banki, aka dakatar da fanshona wata biyu sai da na yi rantsuwa a kotu. Wata baiwar Allah da mijinta ya rasu yana bin giratuti ta zo da takardunsa a leda, amma ba ta da takardar kotu ta magada. Na zauna da ita na rubuta mata abin da za ta nema. Tana ta cewa, "Baba, ni ban san akwai wannan ba."

Wani matashi cikinmu, wato mai shekara sittin da ɗaya, ya ce mu je mu toshe ƙofar gidan gwamnati kawai. Aka yi dariya. Ma'aikaci yana da yajin aiki, mu wane aiki za mu daina? Abin da ke hannunmu shi ne takarda mai lambobi, da gidan rediyo, da sallah da addu'a a filin idi, da ƙungiyar ƙwadago ta NLC wadda muke ƙarƙashinta. Idan masu aiki suka sa bashinmu cikin buƙatunsu, a nan ake jin mu. Saboda haka aka ce a gama rajista cikin mako biyu, a fitar da jimillar kowane layi, a kai wa uwar ƙungiya ta jiha, ita ta rubuta wa gwamnati da wa'adin kwana 21, a ba NLC da majalisar dokoki kwafi.

An ɗora mini tattaro sunayen tsofaffin malaman firamare na mazaɓu uku. Wasunsu ba sa iya fita, sai an bi su gida. Da la'asar na fara da tsohon hedimastana, wanda ido ya yi wa rauni. Jikarsa ta ɗauko akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, muka yi ta lalube har muka samo takardar lissafinsa, gara ta ci gefe ɗaya amma sa hannun odita yana nan. Shi ne lamba ɗaya a shafina. Gobe Laraba ina da gida bakwai, kuma ɗana ya yarda zai kai ni a babur idan na zuba mai.