Yadda na gina tsarin kasuwancin man kaɗanya a kan lissafin roba ɗaya

Sana'ata ita ce haɗa man shafawa daga man kaɗanya da man kwakwa, ina bugawa har ya yi laushi, in zuba a robobi masu ɗaukar giram 200, in kai shagunan kayan kwalliya a Sabon Gari da Tudun Wada da ke Zariya, sauran kuma in sayar wa ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da Kongo. Da masu saye suka fi ƙarfin abin da hannuna ke iya fitarwa, sai na yanke shawarar rubuta tsarin kasuwanci domin in gabatar wa wani banki da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, sannan in yi amfani da shi wajen neman tallafi. Abin da na fahimta a wannan aiki shi ne, shafukan da ke bayanin kyawun kaya da girman kasuwa ba su ne ake yanke hukunci a kansu ba. Jami'in banki yana wucewa kai tsaye zuwa lissafi, kuma duk adadin da ya gani a wurin yana so ya iya bin sawunsa har zuwa roba ɗaya da aka haɗa aka sayar.

Saboda haka daga robar na fara, da sikeli a gabana da rasitocin sayayya. Kowace roba tana cin giram 150 na man kaɗanya, wanda a lokacin nake sayen kilo a kan naira 6,000, wato naira 900 ke nan. Man kwakwa giram 50 yana cin naira 400, turare naira 150, robar da murfinta naira 350, takardar da ake mannawa naira 120, gas da ɗan abin da aikin ke ci naira 180. Na ƙara naira 100 a matsayin asara, domin duk wadda ta taɓa tace man kaɗanya ta san abin da ke kwantawa a gindin tukunya da abin da ke maƙalewa a jikin kwano, ban da robar da ke fashewa a hanya. Jimilla ta kama naira 2,200. Wannan adadi shi ne ginshiƙin takardar gaba ɗaya, kuma na haɗa hotunan rasitocin a ƙarshenta domin kada a ɗauka ƙiyasi ne.

Wurin farashi ne mutane da yawa ke yaudarar kansu, domin sukan rubuta farashin sayarwa ɗai-ɗai kamar a haka za su sayar da dukkan kayan. Ina sayar wa mai amfani a naira 3,800, amma masu shago suna sara a naira 3,200, kuma littafin cinikina ya nuna cewa a cikin kowace roba uku, biyu sari ne. Idan aka haɗa aka raba, abin da ke shigowa a kan kowace roba naira 3,400 ne, ribar da ke saura bayan cire kuɗin haɗi kuma naira 1,200. Da na yi lissafi da 3,800, da ribar ta zama 1,600, da kuma duk abin da ya biyo baya ya kumbura ba tare da ko kwabo ya ƙaru a aljihuna ba.

Daga nan sai kuɗaɗen da ba ruwansu da an yi ciniki ko ba a yi ba. Hayar ɗakin aiki naira 300,000 ce a shekara, wato 25,000 a wata, albashin ma'aikata biyu 70,000, wuta da man janareta 30,000, zirga-zirga da data da talla 35,000, sai nawa albashin 50,000. A kan wannan na ƙarshen mun yi ta kai ruwa rana da yayana, wanda akanta ne kuma shi ya duba mini lissafin. Ni ina ganin cire albashina zai sa ribar ta fi kyan gani, shi kuwa ya ce: "Ƙanwata, idan ba ki rubuta abin da za ki ci ba, mai karantawa ya san daga jarin za ki ci." Da albashin, kuɗin wata ya tsaya a naira 210,000, kuma idan aka raba shi da ribar roba ɗaya ta 1,200, sai a ga cewa dole in sayar da roba 175 kafin sana'ar ta riƙe kanta.

Abin da na nema a banki ma daga robar ya fito. Injin bugawa da sikeli da tukwanen ƙarfe marasa tsatsa sun kama naira 550,000, man kaɗanya kilo 150 wanda zai isa roba 1,000 ya kama 900,000, robobi da takardun mannawa guda dubu kuma 470,000, jimilla 1,920,000. A tsarin murabaha, wanda a kansa na nemi kayan, banki ba ya miƙa wa mutum kuɗi a hannu, shi ne yake sayen kayan ya sayar masa da ribar da aka amince da ita tun farko, a biya kaɗan-kaɗan. Wannan ya sa kowane abu da na rubuta sai da na samo masa takardar farashi daga wurin mai sayarwa, mai ɗauke da suna da adireshi, kuma abin da ba kaya ba ne bai shiga cikin buƙatar ba. Gyaran ɗakin aiki da hidimar rajistar NAFDAC, waɗanda na ware wa naira 480,000, na rubuta su a matsayin nawa kason daga kuɗin adashi. Aikin gaba ɗaya ya zama 2,400,000, kashi 20 cikin ɗari daga aljihuna, kuma na lura cewa ganin nawa kuɗin a ciki ya sassauta tambayoyin da aka yi mini.

Rajistar nan ba abin da za a ambata a wuce ba ne a tsarin kayan kwalliya. Hukumar NAFDAC ce ke kula da kayan shafawa a Nijeriya, tana duba wurin da ake haɗa kaya da kuma samfurinsu kafin ta ba da lamba, kuma manyan shaguna ba sa son ɗora abin da ba shi da lambar a kan kantarsu. Don haka ban saka cinikin manyan shaguna a watannin farko na hasashena ba, na rubuta a fili cewa sai bayan lamba ta fito. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC da lambar biyan haraji da asusun banki da sunan sana'ar kuwa, waɗannan sai da na kammala su kafin ma in fara rubutu.

A lissafin da aka yi mini, zan riƙa biyan naira 105,000 a wata na tsawon wata 24, wato 80,000 na kuɗin kaya da 25,000 na ribar banki. Nauyin wata ya tashi daga 210,000 zuwa 315,000, adadin robobin da dole in sayar kuma ya tashi daga 175 zuwa 263. Nan ne jadawalin shige da ficen kuɗi na wata-wata ya nuna amfaninsa, domin cinikin man kaɗanya ba ya tafiya daidai a shekara. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturun Zariya ke fasa leɓe da diddige, mutane da kansu suke nema, kuma na yi hasashen roba 450 a wata, wanda zai bar rarar naira 225,000. A tsakiyar damina kuwa, jiki ba ya bushewa, ciniki yana sauka zuwa kusan roba 220, ribarsu 264,000, wato giɓin naira 51,000 kowane wata. Bazara tana da tata matsalar, domin a zafin Maris da Afrilu man da aka buga yana narkewa a cikin roba, ya kwanta kamar an rage shi, idan ya sake daskarewa kuma ya yi tsaki-tsaki, sai masu shago su dawo da shi. Haka kuma dogon hutun jami'a yana ɗauke mini masu sayen ɗai-ɗai, waɗanda su ne suka fi ba da riba.

Na bar watannin giɓin a cikin jadawalin yadda suke, da alamar ragi a gabansu, sannan a ƙarƙashinsu na nuna cewa rarar hunturu ce za ta cike su, tare da adadin da zan riƙa ajiyewa a asusu ba tare da an taɓa ba. Jami'in da ya zauna da ni ya ɗora yatsa a kan layin Yuli ya ce: "Hajiya, a wannan watan da me za ki biya mu?" Na ce: "Yallaɓai, da kuɗin Disamba da Janairu, ga su nan a layi na ƙasa." A ganina jadawalin da kowane wata ya fi na bayansa ciniki, tun daga Janairu har Disamba, shi ne abin da ya fi saurin nuna cewa mai takardar bai taɓa riƙe littafin ciniki ba. Wannan jadawalin ne kuma ya ba ni hujjar neman a sayi kayan a ƙarshen damina, lokacin da sabon man kaɗanya daga jihohin Neja da Kwara ke wadata a kasuwa, biyan farko kuma ya faɗo a cikin hunturu. Na kuma rubuta kuɗin sari a watan da yake shigowa hannu, ba watan da na kai kaya ba, tunda yawancin masu shago sai bayan kusan wata guda suke biya.

Akwai ƙaramin sashe da na ƙara mai amsa tambayar abin da zai faru idan farashi ya tashi. Idan kilon man kaɗanya ya koma naira 8,000, kowace roba za ta ƙara cin 300, ribarta ta sauka zuwa 900, adadin da dole in sayar kuma ya haura zuwa roba 350 a wata. Ƙarin naira dubu biyu a kan kilo ya isa ya ƙara mini roba 87 da sai na nemo musu masu saye, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa sayen kilo 150 a lokaci ɗaya ya zama babban kaso na abin da na nema.

Da na juya ga neman tallafi, lissafin bai canza ba, amma abin da aka sa a gaba ya canza. Banki yana son sanin yadda kuɗinsa zai dawo, shi ya sa yake tambayar jingina da masu tsaya wa mutum da takardar shige da ficen asusu. Shirye-shiryen tallafi, irin na Gidauniyar Tony Elumelu da ke ba da jarin dala 5,000 wanda ba a mayarwa, sun fi duba yadda sana'ar za ta bunƙasa da yawan mutanen da za su ci abinci a cikinta. A waccan takardar na cire layin biyan naira 105,000, adadin da sana'ar ke riƙe kanta ya koma roba 175, sannan na nuna a wane matakin ciniki zan iya ɗaukar ma'aikaciya ta uku. Albashinta na naira 35,000 yana buƙatar ƙarin roba 30 a wata, don haka na rubuta cewa zan ɗauke ta ne idan ciniki ya tsaya sama da roba 205 har a watannin damina, kuma kuɗin da ke zuwa hannun matan da ke tatsar man kaɗanya na lissafa shi da yawan kilon da zan saya a wurinsu a shekara.