Sabon kati ba ya soke tsohon alkawari

Shekara huɗu na yi a sashen karɓar kuɗi na wani kamfani da ke ba mutane hayar wurin ajiye shafukan intanet, kuma kuskuren da ya fi tsaya mini a rai na yi shi ne a watana na biyu. Wata mata ta kira ta ce ba ta son ci gaba da hulɗa da mu, amma ba sai na wahala ba, katinta ya ɓata, banki ya ba ta sabo mai wata lamba daban. Na ce mata, "Shi ke nan Hajiya, tunda lambar ta canza ba abin da za a ƙara cire miki." Ban soke komai ba. Ranar 5 ga watan da ya biyo baya kuɗi suka fita daga asusunta, ta sabon katin da ba ta taɓa ba mu lambarsa ba. Da ta sake kira, ɓarayi ne kawai ba ta kira mu ba, ni kuwa na rasa bakin magana, don ni ma ban san yadda aka yi ba.

Babban ma'aikacin sashenmu ne ya zaunar da ni. Ya ce ranar da mutum ya yarda a riƙa cire masa kuɗi duk wata, abu biyu ya bari a hannun kamfani: izininsa, da kuma bayanan katinsa, wato lambar nan mai yawanci alƙaluma 16 da ranar ƙarewar wa'adi. Lambobi ukun da ke bayan kati, CVV, ba a ajiye su, dokar tsaron katuna ta hana, shi ya sa cirar wata-wata ba ta buƙatarsu. Idan kati ya canza, bayanan ne suka tsufa. Izinin yana nan daram.

To ta ina sabuwar lambar ta zo mana? Manyan kamfanonin katuna suna da hanyar sabunta bayanai a bayan fage. Ta Visa sunanta Visa Account Updater, ta Mastercard kuma Automatic Billing Updater. Banki yana ba da sabon kati, sai ya sanar da su cewa lamba kaza ta koma kaza, ko wa'adinta ya ƙaru. Mu kuma, ta hannun kamfanin da ke karɓar mana kuɗi, kafin ranar cira mukan aika jerin katunan da ke ajiye a wurinmu mu tambaya ko akwai wanda ya canza. Amsa ta dawo, na'ura ta maye tsohuwar lamba da sabuwa, babu ɗan'adam ɗin da ya gani. Akwai ma wata hanyar da ta fi wannan santsi, inda kamfani ba ya riƙe ainihin lambar kati sai wata lamba mai wakiltarsa, wadda ake kira tokin. Kati ya canza sau nawa, lambar wakilcin tana iya zama yadda take, a wurin kamfanonin katunan ne ake ɗaure ta ga sabon katin.

Abin da ya ɗau ni lokaci kafin na gane shi ne igiyar nan tana da bakin zare biyu, kuma dole kowanne ya kasance a ɗaure. Sai bankin mai kati yana aika bayanan, sai kuma kamfanin da ake biya ya shiga tsarin. Ɗaya ya kuskure, ba sabuntawa. Shi ya sa mutum ɗaya, da kati ɗaya, zai ga biyan kuɗin kallon fina-finai ya wuce lafiya, na inshora kuwa ya tsaya. Daga waje ba yadda za ka gane wanne ne zai wuce. Haka idan sabon katin na wani banki ne daban, kada ka sa rai wani zai kai labari.

Ƙorafi iri biyu ke zuwa teburina, kuma kishiyoyin juna ne. Masu irin na Hajiya suna fushi an ci gaba da cira. Ɗaya ɓangaren suna fushi an daina, kuma nasu ya fi ciwo. Na tuna wani mai shafin kasuwanci da ke biyan mu kashi biyu: hayar wurin ajiya duk wata, da sabunta sunan shafinsa sau ɗaya a shekara, a watan Nuwamba. Katinsa na ɗauke da 08/22, ma'ana yana aiki har ranar 31 ga Agusta 2022. Bankinsa bai aiko da sabuntawa ba. Ranar 5 ga Satumba cirar wata ta faɗi, muka tura masa saƙo, ya shiga ya sa sabon kati a kan hayar, hankalinsa ya kwanta. Bai lura ba cewa biyan shekarar yana nan rataye da tsohon katin, don a tsarinmu na lokacin kowane biya da katin da aka ɗaura masa. Nuwamba ta zo, cira ta faɗi, saƙonnin gargaɗi suka tafi wani adireshin imel da ya daina buɗewa, shafinsa ya ɗauke. Bai ankara ba sai da masu sayen kayansa suka fara tambayarsa ko ya rufe ne. An yi sa'a yana cikin kwanakin alfarma da ake bayarwa, aka dawo masa da sunan.

A nan na koyi karanta lambobin da banki ke dawowa da su idan cira ta faɗi, domin kowacce da maganinta. 54 na nufin wa'adin kati ya ƙare. 14 na nufin lambar ba ta da inganci. 41 kati ne da aka ce ya ɓata, 43 wanda aka sace. 51 kuwa kuɗi ne ba su isa ba. Mai 51 ana iya sake gwadawa bayan kwana uku ko biyar a dace, albashi ya shigo. Amma 14 da 41 da 43, ko ka gwada sau ɗari ƙofa ce rufaffiya, Visa ma ta hana a ci gaba da ƙwanƙwasa ta. Ita 54 tana da ɗan ban mamaki, don wasu bankunan sukan bar cirar wata-wata ta wuce ko da wa'adin ya ƙare, muddin lambar ba ta canza ba kuma asusun yana aiki.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne ba kowace cira ce ke bi ta kati ba. Idan lambar asusunka ka bayar, ka sa hannu a riƙa cira kai tsaye, ko kai ka umarci banki ya riƙa turawa duk wata, canjin kati bai shafe su ba ko kaɗan.

Tun daga kan Hajiya na canza abin da nake gaya wa masu kira. Wanda ke son dainawa, nakan soke masa a take in tura masa shaida a rubuce, in kuma gaya masa cewa ko da cirar ta faɗi don kati ya mutu, yarjejeniyar ba ta mutu ba, wasu kamfanonin bashi za su riƙa rubuta masa. Wanda katinsa ya ɓata ko aka yi masa zamba, nakan ce ya tambayi bankinsa ko za su iya hana tura sabuwar lambar, don wasu suna yi idan an nema. Wanda kuma ke son komai ya ci gaba, nakan ce ya nemi bayanan asusunsa na wata 13, ba na wata ɗaya ko uku ba, don biyan shekara-shekara sau ɗaya tak yake leƙowa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya shiga kowane kamfani ya duba alƙaluma huɗun ƙarshe na katin da ke ɗaure da kowane biya, sannan ya tabbata imel ɗin da ke wurinsu wanda yake buɗewa ne.

Hajiya dai an mayar mata da kuɗinta cikin mako guda, kuma ni aka sa na rubuta takardar ban haƙurin.